Kafin a aiko hoton famfon feshi

Jama'ar fadamar Kwalkwalawa, hoton jikin tanki kaɗai ba ya nuna robar da za a saya. Famfunan goyo masu lita 16 kamarsu ɗaya, amma robar fistonsu ta bambanta. A ciro tsohuwar, a ɗora ta kan rula, a ɗauki hoton daga sama, a haɗa da na sunan da ke jikin tankin.

In kana buga hannu babu nauyi, feshin na mutuwa, robar ce ta cinye, ko yashi ya tokare bawul. In yoyon a bakin sanda yake, zoben roban bakin ne.

Sai nozul: mai baza ruwa kamar mafici na maganin ciyawa ne, mai feshin zagaye na ƙwarin albasa da tumatur. In ya toshe kada a sa allura, ramin zai buɗe, magani ya zube a banza.