Kurakuran da ke ɓata bakin doguwar riga mai baza, da yadda ake gyara su

Doguwar riga mai faɗin ƙasa, irin wadda bakinta ke bazuwa idan ana tafiya, takan yi kyau a kan teburin tela, amma da an sa ta a jiki sai a ga gefe ɗaya yana share ƙasa, ɗayan kuma ya ɗage har ana ganin idon sawu. Yawancin wannan matsala tushenta ɗaya ne: an auna tsawon rigar daga ƙugu zuwa ƙasa a kan tebur. Ita kuwa irin wannan riga daga ƙasa ake auna bakinta zuwa sama, tana jikin mai ita.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne yi wa riga kalmasa ranar da aka haɗa ta. Yadi galibi yana da zaren tsaye da zaren kwance, kuma ta waɗannan fuskoki biyu ba ya miƙewa sosai. Amma idan aka ja shi a karkace, tsakanin zarurrukan biyu, sai ya saki. Siket ɗin da aka yanka cikakken da'ira yana da wurare huɗu da ke bin zare, galibi gaba da baya da gefuna biyu, da wasu huɗu a tsakaninsu da suka faɗo a karkace. Nauyin yadin kansa yana jan waɗannan wurare huɗun ƙasa a hankali. Shifon da satin da siliki suna cikin waɗanda suka fi yin haka. Auduga mai kauri ba ta sauka sosai. Alamar wannan kuskure ita ce bakin riga ya yi tudu da kwari a kewaye, alhali an tabbata daidai aka yanka shi. Maganinsa haƙuri ne kawai. A haɗa rigar, a bar bakinta ba kalmasa, a rataye ta ta kafaɗa ko ta ƙugu na aƙalla awa 24, idan yadin mai santsi ne kuma awa 48, ta gama saukar da za ta yi, sannan a daidaita.

Sai batun takalmi. Mai riga ta zo awo da silifas, ranar sawa kuma ta hau takalmi mai tsini, rigar ta koma ɗangalalliya. Wasu teloli sukan tambayi tsayin dunduniyar takalmin su ƙara a lissafi, amma hakan ba ya fita daidai, domin takalmi mai tsini yana sauya tsayuwar mutum gaba ɗaya, ƙugu ya ɗan karkata, baya ya ɗan ɗago. Gara ta zo da ainihin takalmin. Haka nan duk abin da za a sa a ƙarƙashin rigar ko a ɗaura a kanta, bel ko siket ɗin ciki mai kumbura, a sa shi lokacin awo, don kowannensu yana cin tsawo.

Bari mu bi riga ɗaya daga farko. A ce siket ne na shifon, cikakken da'ira, mai rigar kuma daga ƙugunta zuwa ƙasa inci 44 ne cikin takalminta. A yanka inci 46, a bar rarar inci 2. Bayan kwana biyu a rataye, wuraren da ke bin zare suna nan kusan yadda suke, na karkace kuwa sun iya sauka inci 1 ko 2, wani lokaci fiye. Mai rigar ta sa ta, ta hau wani abu mai ƙarfi, shafaffe, wanda bai kai bakin rigar faɗi ba, yadda yadin zai zubo ta gefensa ba tare da ya taru ba. Saman abin da ta taka shi ne ƙasa a wannan awo. Ta tsaya a miƙe, nauyinta a kan ƙafafu biyu, hannaye a sake, tana kallon gabanta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, don kusan kowa yakan sunkuya ya ga abin da ake yi masa, kuma da ta sunkuya gaban rigar ya sauka, a yanke shi, ta miƙe ya zama gajere. Tela ne zai zagaya da rula da alli ko fil, yana sa alama duk bayan inci 3 ko 4, ba tare da ya ja yadin ba.

A gaba, bakin rigar ya tsaya rabin inci zuwa inci 1 sama da ƙasa. A haka, idan tana tsaye takalmi a rufe yake, idan ta ɗaga ƙafa kuma kan takalmin ne kawai zai leƙo. Daga ɗinkin gefe zuwa baya ana iya sakinsa a hankali har ya taɓa ƙasa. Mutane da yawa suna so gaban ma ya kwanta a ƙasa saboda yana kyau a hoto, amma ni ban yarda da shi ba ga rigar da za a yi tafiya da ita, domin taku na farko yatsun ƙafa za su kama shi. Idan za a taka ciyawa ko kafet mai kauri, takalmi yana nutsewa, don haka a ɗauki inci 1 ɗin cikakke. Kafin almakashi ya taɓa yadi, a kama bakin da fil, ta sauko ta yi tafiya, ta juya, ta hau matakala idan akwai. Riga mai tsawo ana rage ta, wadda aka gajarta kuwa sai dai a yi mata ƙari, kuma ƙari a shifon ba ya ɓuya.

Wani kuskuren shi ne kalmasa mai faɗi. A baki mai lanƙwasa, gefen da ake naɗowa ciki ya fi wurin da zai kwanta tsawo. A cikakken da'ira, idan aka naɗe inci 2, rarar yadin da ba ta da wurin zama ta kai kusan inci 25, ita ce ke fitowa a matsayin tattara da murɗewa. Idan kwatan inci aka naɗe, rarar kusan inci 3 ce kacal a duk kewayen, kuma tana ɓacewa. Don haka a bar rabin inci ƙasa da alamar, a naɗe kwata sau biyu. Ga shifon, ya fi kyau a fara yin layin ɗinki ɗaya kusa da alamar, a naɗe a kansa, a dinke, a datse rarar dab da ɗinkin, a sake naɗewa siriri. Kada a ja yadin yayin da yake shiga keke, musamman a wuraren karkace, in ba haka ba bakin zai yi ta igiyar ruwa. Wajen guga ma a ɗora dutsen a ɗaga, kada a goga shi a kewaye.

Shafin ciki kuma shi kaɗai ake yi wa kalmasa, bayan shi ma an rataye shi, a gajarta shi da kamar inci 1 a kan na waje don kada ya leƙo. Idan aka dinke bakinsu tare, yadi biyu ne da ba sa sauka daidai, ɗaya zai ja ɗaya rigar ta yi jaka a ƙasa. Idan kuma bakin yana shiga tsakanin ƙafafu ana tafiya, a yadi mai ɗan jiki kamar satin ana dinka siririn kirinolin, wato tef mai tauri kamar raga, a cikin kalmasar ya ture shi daga takalmi. A shifon kam zai fito fili ya kuma kashe bazawar, don haka a sa shi a bakin shafin cikin.