Kurakuran masu bibiyar kwastoma da talla a Fesbuk da Instagiram

Duk wanda ya koyi buɗe Custom Audience jiya, wato jerin mutanen da suka taɓa hulɗa da kai da za ka sake bi da talla, yau sai ka ji yana cewa ya gano sirrin talla. Gaskiya ne, wanda ya taɓa kallon bidiyonka ko ya leƙa shafin kayanka ya fi baƙo saurin saye. Amma mutanen nan 'yan kaɗan ne, kuma suna gane fuskarka. Na gaji da buɗe asusun tallan masu sayar da turaren wuta da atamfa da takalma ina tarar da ɓarna iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in zayyana su.

Na farko, kuma wanda ya fi ƙona mini rai: bin wanda ya riga ya saya. Ni kaina wannan ya taɓa jawo mini asarar aiki. Wata Hajiya mai sayar da leshi nake yi wa talla, muka saki ragin farashi gab da Sallah, muka auna duk waɗanda suka ziyarci shafinta. A cikinsu akwai matan da suka biya cikakken kuɗi kwana kaɗan kafin nan. Sai ga saƙonni: "Hajiya, ashe da ragi kika karɓi kuɗina haka?" Wasu ta mayar musu da cikon, wasu ba su sake dawowa ba, ni kuma aka sallame ni cikin mutunci.

Littafi zai ce maka gyaran mai sauƙi ne: haɗa jerin waɗanda Meta Pixel, wato abin da ake sawa a shafi yana rubuta abin da maziyarta suka yi, ya rubuta musu Purchase, alamar sun saya, ka sa shi a Exclude don kada su ga tallan. To, a nan gizo ke saƙar. Cinikinmu ba a shafi yake ƙarewa ba. Mutum zai duba kaya, ya danna maɓallin WhatsApp, a yi ciniki, ya tura kuɗi ta banki, a ba ɗan sahu ko direban tasha ya kai. Purchase bai taɓa tashi ba, don haka a wurin Meta wannan mutumin har gobe bai sayi komai ba. Abin da nake yi shi ne, duk ranar Asabar in kwashe lambobin wayar waɗanda suka biya, in rubuta su da 234 a gaba maimakon sifilin farko, in ɗora a Customer list, sannan in cire jerin daga tallan bibiya. Ba duka lambobin ne Meta za ta gane masu su ba, domin wani layin da yake ciniki da shi daban, wanda ya buɗe Fesbuk da shi daban. Saboda haka nake ƙarawa da cire duk wanda ya danna maɓallin WhatsApp a mako ɗaya da ya wuce, idan an saita Pixel ya rubuta danna maɓallin a matsayin Contact. Wanda muke cikin magana da shi ba ya bukatar talla, amsa yake jira. Lambobin nan kuwa na kwastomominka kaɗai, waɗanda suka san suna hannunka. Kada ka sayi jerin lambobi a wurin kowa. Ko ba don dokar kare bayanai ta 2023 ba, rashin ta-ido ne.

Na biyu: zuba kuɗin da ya fi ƙarfin jama'ar. Wannan lissafi ne na firamare, amma wallahi ba a yi. A ce mutum 2,000 ne a jerinka, kuma tallan ya iya riskar 1,500 a mako. A ce duk nuni dubu yana cin naira 2,000, kai kuma ka sa naira 6,000 a rana saboda kana so a ga da gaske kake. Nuni 3,000 ke nan kullum, 21,000 a mako. Raba wa mutum 1,500, kowa ya ga tallanka sau 14 cikin kwana bakwai. Sau goma sha huɗu, malam! Ko a Kantin Kwari, yaron shagon da ya biyo ka layi uku yana jan rigarka, ba shagonsu za ka shiga ba ko da yadin ya yi maka.

Idan sau uku a mako kake so, nuni 4,500 ya isa, wato naira 9,000 a mako gaba ɗaya, abin da bai kai 1,300 a rana ba. Ragowar kuɗin ka kai shi neman sababbin masu kallo, su ne za su cika jerin na gobe. Ni al'adata, na kan buɗe Ads Manager in zaɓi kwana bakwai na ƙarshe, in duba Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. Da ya haura huɗu na fara rage kuɗi, ko in sauya hoton. Wasu suna barinsa ya kai shida su ce ba komai. Su suka sani. Alamar an gaji da kai ba ta ɓuya: Frequency na hawa, masu dannawa na raguwa, kuɗin kowane saƙo na ƙaruwa, sannan a ƙarƙashin tallan ka fara ganin "Haba, ku bar mu mu huta mana." Wanda ya rubuta ma ya yi maka adalci. Mafi yawa Hide ad kawai za su danna su wuce, kuma wannan yana rage darajar tallan a wurin Meta, ka koma biyan tsada. Mai son a ƙayyade masa adadin nuni kai tsaye, a ƙarƙashin Awareness, wato tallan sanar da jama'a, zai samu wurin sawa. A tallan neman ciniki, kasafinka ne linzaminka.

Sai masu auna kallon daƙiƙa uku. Bidiyo da kansa yake tashi yayin da mutum ke jan allo, daƙiƙa uku kuwa ko tsayawa amsa sallama ya yi sun cika. Zaɓuɓɓukan haɗa jerin masu kallo suna nan a jere: daƙiƙa 3, daƙiƙa 10, ThruPlay wato daƙiƙa 15 ko ƙarshen gajeren bidiyo, sai kashi 25, 50, 75 da 95. Idan bidiyon na minti ɗaya ne ina ɗaukar kashi 50 zuwa sama. Jerin zai ƙanƙance sosai, kada gabanka ya faɗi, sai dai ka koma ka sake lissafin kasafin.

Haka batun kwanaki. Meta ta yarda ka riƙe maziyartan shafi har kwana 180, masu kallon bidiyo har 365, sai kowa ya cika akwatin har baki. Wadda ta duba takalmin biki wata biyar da suka wuce, an yi bikin, amarya ta tare. Kayan yau da kullum kwana 14 nake ba su, masu tsada irin gado da kujeru kwana 30 zuwa 60, tunda sai an yi shawara a gida.

Kada ka sake nuna wa mutum bidiyon da ya riga ya kalla. Ba shi abin da ya rage masa: farashi, kuɗin kaiwa Kaduna ko Abuja, ko yadda ake mayar da kaya idan bai yi ba.

Ka daina rubuta "Mun ga kin duba kayanmu ba ki saya ba." Tsoratarwa ce. Masu maganin gargajiya da kayan mata ku ne kan gaba a nan: rubutun da ke nuna kun san larurar mai karatu ya saɓa ƙa'idar Meta, kuma waya ɗaya a gida takan bi hannu uku.

A ƙarshe, duba ko Advantage+ audience, wato tsarin da ke barin Meta ta zaɓo masu ganin talla da kanta, a kunne yake. Idan a kunne ne, jerinka shawara ce kawai a wurinsa, zai iya fita ya nemo baƙi, su kuma su ga tallan da ke musu magana kamar an saba. Kashe shi a tallan bibiya kafin ka danna Publish.