Yadda za ka kama ɗan kasuwa da alkawarin da bai furta ba

Masu mayar da kaya mai aibi sukan fara da "ai ka ce mini mai kyau ne", ɗan kasuwa ya ce bai faɗa ba, magana ta mutu. Alhali ba sai ya faɗa ba. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da dama suka gada, ta ɗora masa nauyi biyu a sashe na 14 ko bai buɗe baki ba.

Fara da tantance wanne ya karya. Na farko shi ne inganci: kayan su yi aikin da aka san irinsu da shi. Famfon ruwa da ya ƙone a rana ta uku ba tare da an wahalar da shi ba ya faɗi a nan. Sharaɗin dai mai sayarwar ya kasance sana'arsa ce. Maƙwabcin da ya sayar maka da tsohon famfonsa bai shiga ba.

Na biyu shi ne dacewa da buƙatarka, kuma nan na fi ganin mutane suna faɗuwa. A ce rijiyarka mita 40 ce, aka ba ka famfo mai jan mita 20. Famfon lafiyarsa ƙalau, don haka zancen inganci ba zai fisshe ka ba. Dole ka nuna abu biyu: ya san zurfin rijiyar, kuma da zaɓinsa ka dogara. In ka shiga ka ambaci samfurin da kake so, ka nace sai shi, to kai ka zaɓa, hujjarka ta yi rauni. Ni a wurina ƙa'ida ce: faɗi aikin, bar shi ya zaɓa, sannan a rubuta "na rijiya mai mita 40" a jikin rasit. Ba ya cin ko sisi.

In ka duba kaya kafin ka biya, duk aibin da dubawar ya kamata ta bayyana ya zama naka. Tsagewar da ido ke gani ba kamar wayar da ta lalace a cikin inji ba ce. Karanta rasit kuma, don wasu kan rubuta cewa an sayar da kaya a yadda suke domin su sauke nauyin daga kansu, kodayake a wasu ƙasashen wannan ba ya aiki a kan mai saye don amfanin gida.

Da aibi ya bayyana, daina amfani da kayan. Kada ka kai wa makaniki ya kwance, za a ce shi ya ɓata. Ɗauki hoto, ka sanar da ɗan kasuwar a rubuce nan take, ka faɗi ko kuɗinka kake so ko canji. In ka yi jinkiri za a ɗauka ka karɓi kayan, sai dai ka nemi diyya.