Kurakuran da aka fi yi wajen raba fayil ɗin Excel da kulle gidajen lissafi

Na gaji da gyara ɓarna iri ɗaya. Mutum zai ce ya kulle lissafinsa, alhali bai kulle komai ba. A Excel kowane gida, wato akwatin da ake rubutu a ciki, yana zuwa da alamar Locked tun asali, amma alamar ba ta aiki sai ka shiga Review ka danna Protect Sheet. Wasu kuma su danna shi kai tsaye, shafin duka ya kulle, mai shigar da ciniki ya kasa rubuta ko lamba ɗaya.

A ce jerin gidajen B na ɗauke da yawan kaya, C farashi, D kuma jimla da wannan dabarar lissafi:

```
=B2*C2
```

Zaɓi B da C, danna Ctrl+1, shiga Protection, cire alamar Locked. Sai bayan nan ka danna Protect Sheet. Yanzu ana iya rubutu a B da C, D kuwa ba ta taɓuwa.

Rashin kulle gidan jimla ne ya taɓa cinye min riba. Wani da muke aiki tare ya ga jimlar katan 12 a kan naira 5,000 ta ba da 60,000, sai ya rubuta 60,000 ɗin da hannu a kan dabarar lissafin. Da aka mai da katan ɗin 20, jimla ta tsaya cik inda take, muka karɓi kuɗin katan 12 a kayan dubu ɗari. Haba jama'a! Idan kana zargin haka, danna gidan ka dubi layin da ke sama: in lamba zalla ka gani ba alamar = a farko, an goge dabarar.

Kuskure na biyu shi ne izini. Ka ajiye fayil a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ka danna Share, ka bar shi a kan duk mai mahaɗin zai iya gyara, sannan ka jefa shi a zauren WhatsApp. Wa ka hana ke nan? Ni ɗabi'ata, sai na zaɓi mutanen ɗaya bayan ɗaya da adireshin imel ɗinsu: mai shigar da bayani Can edit, maigida da sauran masu dubawa Can view.

Masu sharhi fa? Excel ba shi da izinin sharhi kaɗai irin na Google Sheets. Ni nakan ba mutum Can edit, in kulle gidajen, in sa alama a Edit objects cikin Protect Sheet don ya iya barin bayani da Shift+F2.

Kalmar sirrin Protect Sheet kariya ce daga kuskure, ba ta ɓoye albashin kowa; wannan aikin Encrypt with Password ne. Ba ta kuma hana a goge shafin sukutum, sai ka ƙara da Protect Workbook. In an riga an yi ɓarna a fayil ɗin da ke OneDrive, shiga File, Info, Version History ka dawo da na jiya.