Akanta mai shirin tafiya waje: ka miƙa takardar ajiye aiki kafin ka sayi tikiti

Jama'a, shawara ga 'yan uwa akantoci na Garwa da Marwa.

Ka rubuta takardar kwafi biyu. A sa maka hannu da hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, ka adana ta.

A dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992, wa'adin notis yana fara ƙirguwa ne daga ranar da ka sanar a rubuce. Maganar da ka yi wa Alhaji a ƙofar shago ba ta shiga lissafi.

Tsawonsa ya danganta da matakinka a jerin matakan ma'aikata da shekarunka a wurin. Wanda ke mataki na 7 zuwa 9, ya kuma haura shekara biyar, wata uku ne a kansa. In jirginka na farkon Yuli ne, a karɓi takardar kafin Maris ya ƙare. In ka tafi da sauran wata guda, za a bi ka kuɗin watan. Kuma ba a cike notis da hutun shekara.

Kada ka tsawaita takardar, ga misali:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akanta saboda ƙaura zuwa ƙasar waje. Ranar aikina ta ƙarshe 30 ga Yuni. Kafin nan zan miƙa littattafai da kuɗin akwati ga wanda ka zaɓa."

In kwantiraginka mai ƙayyadadden lokaci ne, wannan lissafin bai shafe ka ba, sai kun daidaita a rubuce. Babban kamfani kuwa, haɗa musu da ta Faransanci.