Kurakuran da Kwamitin Masana Ke Yi Wajen Yanke Makin Cin Jarrabawar Ƙwarewa

Tambayi masu shirya jarrabawar ba da lasisin aiki dalilin da ya sa makin cinsu ya zama 50 ko 60 cikin 100, sau da yawa amsar ba ta wuce "haka muka tarar ana yi". Alhali lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai. In tambayoyin masu sauƙi ne, wanda bai iya aikin ba zai samu 60 ba tare da ya yi gumi ba. In masu tsauri ne, ƙwararre ma yana iya tsayawa a 55. Shi ya sa ake tara masana su duba ainihin tambayoyin kafin a yanke maki, kuma hanyar da aka fi bi ita ce wadda William Angoff ya bayyana a 1971.

Tsarinta ba shi da wuyar faɗa. Kowane masani zai riya a ransa mutum 100 waɗanda ƙwarewarsu ta isa daidai a bar su su yi aikin, ba ƙari ba ragi. Mu kira irin wannan mutum ɗan bakin iyaka. Sai masanin ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta nawa ne cikin mutum 100 ɗin za su amsa kowace tambaya daidai. In ya rubuta 70, wannan tambayar ta ba da 0.70 na maki. Jimillar waɗannan ita ce makin da shi ya yanke, matsakaicin na dukkan masanan kuwa shi ne makin kwamiti. Lissafin ba ya ba kowa wahala. Inda ake tuntuɓe shi ne mutumin nan da aka riya.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe: jarrabawar sababbin ma'aikatan jinya, tambaya 100, kowace da zaɓi huɗu, masana takwas a kwamiti.

Kowa da ɗan bakin iyakarsa

Kuskuren da ya fi kowane ɓarna shi ne a raba takardu a ce kowa ya fara, ba a zauna an daidaita wane ne ɗan bakin iyaka ba. Malamar da ke koyarwa a aji za ta tuna ɗalibinta mafi rauni. Shugabar sashen masu tsananin ciwo za ta tuna ma'aikacin da take iya bar wa marasa lafiya cikin dare, wanda ya shekara biyar yana aikin. Dukansu suna rubuta lambobi da gaskiya, amma ba mutum ɗaya suke aunawa ba.

Ana gane wannan daga jimillar zagayen farko, wato ƙiyasin da kowane masani ya yi shi kaɗai kafin a tattauna. A misalinmu masanan sun fito da 58, 61, 63, 64, 66, 67, 70 da 79, matsakaici 66. Dubi mai 79 ɗin nan. In a kusan kowace tambaya ta ɗara sauran da kashi goma zuwa goma sha biyar, to ba tambayoyin take karantawa daban ba, mutumin da ke kanta ne ya fi na sauran ƙarfi. In kuwa ta yi daidai da su a yawancin tambayoyi sai a wani fanni guda ta yi sama, to wataƙila fannin nata ne, kuma ta san wani abin da sauran ba su sani ba. Abu biyu ne daban, kuma ba a gane su sai an duba tambaya-tambaya. Jimilla kaɗai ba ta nunawa.

Gyaran shi ne a kashe lokaci mai tsawo tun kafin a buɗe takardar jarrabawa, a rubuta siffar ɗan bakin iyaka da aikin da ake gani da ido. "Yana da matsakaiciyar fahimtar magunguna" ba siffa ba ce, kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. Ga wadda za ta yi amfani: yana lissafa adadin maganin sha daidai in mataki ɗaya ne, yana jinkiri in sai ya sauya ma'auni, kuma yakan yi kuskure in yana sauri, yana gane alamun haɗari na fili, amma ɓoyayyu sai an nuna masa, ya san lokacin da zai kira na gaba da shi. A rubuta irin wannan ga kowane fanni na jarrabawar, a ajiye shi gaban kowa har a tashi.

Abin da ya kamata ya sani, da abin da zai amsa

Ga tambaya biyu daga jarrabawar. Ta farko: likita ya rubuta miligiram 250, maganin ruwan yana da miligiram 125 a kowane mililita 5, mililita nawa za a ba? Amsa 10. Masana suka ba ta tsakanin 85 da 95, ba laifi. Ta biyu: za a ɗura ruwa mililita 1000 cikin awa 8, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowane mililita, ɗigo nawa a minti? Nan sai an mayar da awa 8 minti 480, a ninka 1000 da 20, a raba, a samu kusan ɗigo 42. Masana shida cikin takwas suka rubuta 90, hujjarsu kuwa ita ce: wanda bai iya wannan ba ai bai cancanci ya taɓa majinyaci ba.

Maganarsu gaskiya ce, amma ba ita aka tambaye su ba. An tambaye su nawa ne za su amsa daidai, a zauren jarrabawa, agogo na tafiya, kuma cikin zaɓin akwai amsar da ake samu in an manta da sauya awa zuwa minti. Da zarar masani ya koma auna muhimmancin tambaya maimakon wuyarta, lambobinsa sai su yi ta hawa, makin ci ya kumbura. In kwamiti na ganin wani abu wajibi ne ƙwarai, wurin nuna hakan shi ne tsarin jarrabawar: a ƙara yawan tambayoyinsa, ko a ware masa gwajin aiki na musamman da dole sai an ci. Ba a ɗora shi kan ƙiyasi ba.

Akwai dabara mai sauƙi da, a ganina, bai kamata a tsallake ta ba: masana su amsa jarrabawar da kansu tukuna, ba tare da an ba su amsoshi ba. Wanda aka miƙa wa tambaya da amsarta a gefe, komai sauƙi yake masa. Wanda ya yi minti biyu yana lissafin ɗigon nan a gefen takarda ba zai yi saurin rubuta 90 ba.

Wani abin da ake yawan gani shi ne masana su taru a tsakiya, komai 60 ko 70. Sakamakonsa suna rage wa tambayoyi masu sauƙi, suna ƙara wa masu wuya. Mai tafiyar da zaman ya duba ko lambobin kowane masani suna bin wuyar tambayoyi sama da ƙasa. Ya kuma tuna musu cewa a tambaya mai zaɓi huɗu, canka kawai na ba da kusan 25 cikin 100, don haka wanda zai rubuta ƙasa da haka sai ya nuna amsar ƙaryar da ke jan mutane.

Zagaye na biyu da tarkonsa

Bayan zagayen farko, wanda kowa ke yi shi kaɗai, ana tattauna tambayoyin da aka fi saɓani a kansu, a kuma nuna alƙaluman gaske in akwai. A ce tambayar ɗigon ruwan, mutum 62 cikin 100 ne suka ci ta a jarrabawar da ta wuce. Wannan adadin na dukkan masu jarrabawa ne, har da gwanaye. Ɗan bakin iyaka yawanci yana ƙasa da matsakaicin jama'a, don haka 90 ba ta da madafa, amma kwafe 62 ɗin ma kuskure ne. In masana suka riƙa kwafe waɗannan alƙaluma, makin da zai fito matsakaicin makin ɗalibai ne kawai, kuma kusan rabinsu za su faɗi ko sun iya ko ba su iya ba. Ya fi kyau a nuna musu yadda waɗanda jimillarsu ke kusa da makin zagayen farko suka yi a tambayar.

A zagaye na biyu jimillar ta koma 61, 62, 63, 64, 64, 65, 66 da 67, matsakaici 64. Tazarar da ta kai maki 21 ta dawo 6. Akwai lissafin da ke nuna yadda matsakaicin zai iya motsawa da wasu masanan aka zaɓo: a zagayen farko ya kai kusan maki 2.3, a na biyu kusan 0.7. Abin sha'awa ne a takarda, sai dai kada a yi saurin murna. Wannan lissafin yana ɗauka cewa kowa ra'ayin kansa ya faɗa. In babba a ɗakin ne ya fara magana a kowace tambaya sauran suka bi, an samu haɗin kai amma ra'ayin mutum ɗaya ne aka rubuta sau takwas. Maganinsa a nuna lambobi ba sunaye, a sa mai mafi girma da mai mafi ƙanƙanta su kawo hujja, babba ya yi magana a ƙarshe, sannan kowa ya sake rubuta nasa a ɓoye. Ba a tilasta wa kowa ya sauya.

Haka nan ba a cire masani don lambarsa ta yi nisa. Da an jefar da 79 ɗin nan tun farko, matsakaici zai sauko daga 66 zuwa kusan 64, kuma wani zai ce ai ga shi wuri ɗaya aka iso. Amma wanda ya faɗi da maki ɗaya yana da ikon tambayar wa ya yanke shawarar cire ta, da wace ƙa'ida. In za a cire wani, a rubuta sharuɗɗan tun kafin a ga lambobi, misali bai halarci horon ba ko ya bar tambayoyi da yawa babu ƙiyasi.

Abin da kwamiti ya fitar shawara ce, hukumar da ke ba da lasisi ita ke yanke hukunci. Makin kowane ɗalibi yana da ɗan kuskuren awo, wato yana iya ɗan ɗara ainihin iyawarsa ko ya gaza ta, kuma a jarrabawa mai tambaya 100 wannan yakan kai kusan maki 4. Hukuma na iya ɗaga makin kaɗan in ta fi tsoron barin wanda bai iya ba ya wuce, ko ta sassauta in ta fi tsoron kayar da wanda ya iya. Duka biyun suna da hujja, muddin an rubuta dalili. Abin da ba ya tsayuwa shi ne a ga yawan waɗanda suka faɗi, a rage makin a asirce, a ci gaba da cewa na masana ne.

Kuma 64 ɗin nan ta wannan takardar ce kaɗai. In baɗi aka sauya tambayoyi, ba a ɗauko ta a liƙa. Ko dai a bar wasu tambayoyin bara cikin sabuwar takardar don a auna bambancin wuyar su biyun a daidaita makin da lissafi, ko a sake kiran kwamiti, da rubutacciyar siffar ɗan bakin iyakan nan a gabansu.