Saura minti biyar: kurakuran rufe amsa a jarrabawar shari'a

Duk wanda ya zauna jarrabawar shari'a, a Misau ne ko a Gombe, ya san yadda hannu ke rawa idan mai sa ido ya ce saura minti biyar. A nan ake zubar da makin da aka riga aka sha wahalarsa.

Mu ɗauki tambaya irin ta dokar kwantiragi. Audu ya tura wa Bala saƙo cewa zai sayar masa da masara buhu 100 a kasuwar Muda Lawal, kowane buhu naira 40,000. Bala ya amsa: "A bar mini a 38,000." Audu bai ce uffan ba. Washegari Bala ya ce ya yarda da 40,000, ashe Audu ya sayar wa wani, kuma buhu ya kai 45,000. Tambayar ta ce: ba Bala shawara.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ƙi tsayawa a kan matsaya. Ya cika shafi uku da bayani mai kyau, sai ya rufe da cewa kotu ce za ta duba ta yanke. To, wa bai san haka ba? Bala ya zo wurin lauya ne ya ji ko yana da ƙara ko ba shi da ita. Gyaran shi ne jimlar farko ta rufewarka ta zama hukuncin kansa: babu kwantiragi tsakanin Audu da Bala. Sai dalili ya biyo a jimla ta biyu: saƙon 38,000 sabon tayi ne, kuma sabon tayi yana kashe na farko, kamar yadda aka yanke a shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, inda aka sa wa gona fam 1,000, mai saye ya taya 950, daga baya ya dawo ya ce ya yarda da 1,000, kotu ta ce tayin farko ya riga ya mutu.

Tsoron da ke hana mutane yanke magana shi ne kada a ce sun yi kuskure. Akwai hanyar kare kai da ba ta cin fiye da layi biyu. Bayan ka faɗi matsayarka, ka ƙara cewa idan kotu ta ɗauki saƙon Bala a matsayin tuntuɓa kawai, irin ta shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, to tayin yana nan da ransa tunda Audu bai sanar da janyewa ba, kuma amincewar Bala ta ƙulla ciniki. Ka nuna ka ga ɗaya fuskar, amma ka riga ka faɗi wadda ta fi ƙarfi.

Wasu kuma sai su koma ba da labarin tambayar daga farko: Audu ya tura saƙo, Bala ya amsa. Malamin da ke duba takardarka shi ya rubuta labarin, ba maki ko ɗaya a wurin.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne a manta da wanda aka ce a ba shawara da abin da zai samu. Sai ka ga an rufe da cewa Audu bai yi laifi ba, alhali Bala ne ke zaune gabanka. Jimlar ƙarshe tasa ce: kada ya kai ƙara, domin da wuya ya yi nasara, kuma ko ya yi, abin da zai samu diyya ce ta bambancin farashi, naira 5,000 sau 100, wato 500,000. Kotu ba za ta tilasta a ba shi masarar kanta ba, tunda kaya ne da zai iya saya a ko'ina cikin kasuwa.

A cikin rufewar kanta, kada ka jawo sabuwar shari'a da ba ka taɓa ta a sama ba don kawai ta faɗo maka a rai yanzu. Kada kuma ka rubuta wa malam cewa lokaci ya ƙure maka, ya gani da idonsa.

Da zarar an ce saura minti biyar, ƙarasa jimlar da kake kai, tsallake layi ɗaya, ka fara rufewa ko da akwai batun da ba ka kai gare shi ba. Jimloli huɗun nan, hukunci, dalili, ɗaya fuskar da shawara, minti uku sun ishe su. Idan minti biyu suka rage, batun da ka tsallake ka ba shi layi ɗaya: ƙa'idarsa, sunan shari'arsa, da wanda ta ba gaskiya.